Farfaɗiya da giya: dalilin da ya sa faɗuwar ke zuwa washegari

Mai farfaɗiyar da ya sha giya ba kasafai yake faɗuwa a wurin shan ba. Yakan tashi da ƙafarsa, ya koma gida, ya kwanta. Sai gari ya waye, ko rana ta ɗaga, lokacin da warin giyar ya bar bakinsa kuma kowa ya manta da zancen jiya, sannan ciwon ya kayar da shi a banɗaki ko a bakin aiki. Wannan tazarar da ke tsakanin sha da faɗuwa ita ce ke ruɗa mara lafiya da iyalinsa, har ma da likita idan ba a gaya masa gaskiya ba.

Likitoci sun daɗe da auna tazarar. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Victor da Brausch, sun bi tarihin mashaya fiye da 200 da aka kawo asibiti bayan sun yi jijjiga. Suka tarar cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na faɗuwar ta auku ne tsakanin awa 7 zuwa awa 48 bayan kurɓar ƙarshe, kuma ta fi yawa tsakanin awa 13 zuwa 24. Yawancin mutanen nan ba masu farfaɗiya ba ne tun asali, giyar ce kaɗai ta kai su. To, ina ga wanda ƙwaƙwalwarsa dama a shirye take ta yi jijjiga, magani ne kawai ke riƙe da ita?

Wani zai ce wannan ba matsalarmu ba ce, tunda mafi yawan Hausawa Musulmi ne kuma addini ya haramta giya. Gaskiya ne masu sha a cikinmu ba su kai na wasu wuraren ba. Amma akwai su, a Sabon Garin Kano da kasuwannin barikin soja, a Jos da Kaduna, a Yamai, a zangon Kumasi da na Ankara, da ƙauyukan da ake dafa burukutu tun kaka da kakanni. Tun da jihohin Arewa 12 suka fara aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, shan ya ƙara komawa ɓoye. Ita ma farfaɗiya ɓoye ta ake yi, saboda tsoron rasa aure da aiki, da kuma camfin nan na cewa yawun mai ita yana yaɗa ta, wanda ba gaskiya ba ne. Don haka mutum ɗaya yakan shiga ɗakin likita ɗauke da sirri biyu, ya faɗi ɗaya da ƙyar, ya haɗiye ɗayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace suna sha a kan lokaci. Giya tana cikin abubuwan da ke fitar da mutum daga wannan kaso.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da ƙaramar wutar lantarki, kuma sinadarai biyu ne suka fi tafiyar da wannan zirga-zirga. Ɗaya, wanda ake kira gulutamet, yana zuga su. Ɗayan, GABA, yana kwantar da su. Farfaɗiya tana tashi ne idan zugar ta rinjayi kwantarwar, har ƙwayoyi masu yawa suka saki wuta a lokaci guda. Aikin magungunan farfaɗiya shi ne hana wannan rinjaye: wasu suna ƙara wa GABA ƙarfi, wasu suna rage saurin da ƙwayoyin ke sakin wutar.

Giya idan ta shiga, gefen kwantarwa take bi. Tana ƙarfafa GABA, tana danne gulutamet. Shi ya sa harshen mashayi ke yin nauyi, ƙafarsa ta riƙa harɗewa, barci ya ɗauke shi, kuma shi ya sa faɗuwa ba ta cika zuwa ana cikin sha ba. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido a danne ta. Tana mayar da martani ta hanyar ƙara zuga da rage sauraron GABA, don ta ci gaba da aiki. Kamar direba ne da wani ya taka masa birki, shi kuma ya ƙara danna totur don motar ta ci gaba da tafiya. Muddin birkin na take, ba a ganin komai. Da hanta ta gama tace giyar daga jini, an saki birki ke nan alhali ƙafa na kan totur.

Ga wanda ke sha kullum na watanni ko shekaru, wannan martanin ya zauna daram, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya lafa. Ga mai farfaɗiya kuwa, ba sai an kai nan ba. Dare ɗaya na sha mai yawa ya isa ya bar masa ƴan awoyi na zuga fiye da kima da safe, kuma shi ɗan abin da zai tunkuɗa shi kaɗan ne.

Nawa ne “mai yawa”?

A nan bincike biyu ne suka fi amfani, kuma da farko sai a ɗauka suna karo da juna. A 1983 likitoci a ƙasar Holand, ƙarƙashin Höppener, sun ba wasu masu farfaɗiya ƙaramin kofi ɗaya zuwa uku na barasa, sau biyu a mako, har tsawon mako 16, suka kwatanta su da waɗanda aka ba abin sha marar barasa. Ba a ga ƙarin faɗuwa ba, ba a kuma ga wani canji na a-zo-a-gani a yawan maganin da ke jininsu ba. Daga irin wannan binciken ne likitocin Turai da yawa ke gaya wa marasa lafiyarsu cewa kofi ɗaya ko biyu jefi-jefi ba ya cika jawo matsala.

A 2018 kuma, likitoci a Balin ta Jamus suka tambayi masu farfaɗiya 310 game da shansu. Mutum 204 sun ce sun sha a cikin shekarar da ta gabata, kuma 37 daga cikinsu sun ce shan ya tayar musu da ciwon. Dukan 37 ɗin sun sha da yawa kafin faɗuwar. Mafi ƙarancin abin da wani a cikinsu ya sha ya kai kwatankwacin lita 1.4 na giyar kwalba, kuma kusan dukan faɗuwar ta zo ne cikin awa 12 bayan an daina sha.

A mayar da lissafin zuwa teburin da muka sani. Babbar kwalbar giya a Najeriya mililita 600 ce, kuma ƙarfinta kusan kashi 5 cikin 100 ne, wato akwai tsantsar barasa wajen giram 24 a ciki. Lita 1.4 ba ta wuce kwalba biyu da sulusi ba, barasa giram 55 ke nan. Abin da masu binciken Balin suka kira sha mai yawa, a mashayar Sabon Gari ɗumama zama ne kawai. Idan aka koma kan ƴar ledar nan mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40, kowace ɗaya tana ɗauke da kusan giram 10, guda shida sun kai mutum wurin, kuma ana iya shanye su a tsaye cikin rabin awa. Burukutu da bammi ba su da ma'auni, ƙarfinsu ya danganta da mai dafawa da kwanakin da suka yi, ga shi da ƙwarya ake sha. Ogogoro kuwa yakan kai ko ya wuce ƙarfin barasar kanti.

Akwai kuma masu sha ba da sunan giya ba. Yawancin ruwan ɗacin nan na kwalba da ake tallarsa a tasha da sunan maganin basir, ciwon baya ko ƙarfin maza, saiwoyi ne aka jiƙa a barasa mai ƙarfi, kuma an rubuta kason a jikin kwalbar ga mai dubawa. Mutum zai rantse wa likita bai taɓa shan giya ba, kuma a zuciyarsa gaskiya ya faɗa.

Bai kamata a ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin lasisi ba. Mutanen Holand ana sa musu ido, suna shan maganinsu a kan lokaci, suna barci a kan kari. Na Balin kuma abin da suka tuna suka faɗa. Sannan ba kowace farfaɗiya ce ɗaya ba. Binciken Balin ya nuna cewa masu nau'in da ke da nasaba da gado, wanda ke kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, sun fi sauran shiga hatsari sau da yawa. Fitacce a ciki shi ne wanda likitan Jamus Dieter Janz ya bayyana a 1957, mai farawa a shekarun balaga. Alamarsa fizgar hannu ko kafaɗa jim kaɗan bayan tashi daga barci, har kofin shayi ya suɓuce. Mai irin wannan, rashin barci kaɗai na iya kayar da shi, balle a haɗa da giya.

Dare ɗaya, awa bayan awa

Mu ɗauki misali. Tela ne ɗan shekara 28, yana shan kabamazefin, wanda aka fi sani a kemis da sunan Tegretol, miligiram 400 da ƙarfe 8 na safe da wani 400 da ƙarfe 8 na dare. Ya shekara biyu bai faɗi ba. Ba mashayin kullum ba ne. Ranar Juma'a abokinsa ya yi aure, abokan ango suka zauna da daddare.

Da safe ya sha maganinsa kamar kullum. Da ƙarfe 8 na dare ya yi, ƙwayar na aljihunsa, amma ya tuna abin da kowa ke faɗa: ba a haɗa magani da giya. Sai ya bar ta, a ganinsa ya yi dabara. Daga lokacin zuwa sha biyun dare ya sha kwalba huɗu, barasa kusan giram 95. Bai ci wani abin kirki ba sai ɗan tsire. Ya kwanta wajen ƙarfe 2.

Hantar baligi tana tace barasa giram 7 zuwa 10 a awa, kuma babu abin da ke ƙara mata sauri, ko wanka da ruwan sanyi, ko shayi mai kauri, ko farfesu. Giram 95 zai ɗauke ta wajen awa 12. Ke nan jininsa zai tsarkaka daga barasa ne tsakanin ƙarfe 7 zuwa 9 na safiyar Asabar, kuma daga nan ne zugar da ƙwaƙwalwa ta tara za ta samu fili.

Shi kuma maganin yana nasa lissafin. Ga wanda ya daɗe yana shan kabamazefin, jiki yana zubar da rabin abin da ke jini cikin awa 12 zuwa 17. Ƙarfe 8 na daren Juma'a dama shi ne lokacin da maganin ya fi ƙaranci a jininsa, shi ya sa aka ajiye ƙwaya ta biyu a nan. Da ya tsallake ta, zuwa ƙarfe 8 na safe abin da ya rage bai fi kashi 60 cikin 100 na wancan ƙaramin ma'aunin ba. Ya farka da tashin zuciya, ya haɗiyi ƙwayar safe da ruwa, bayan minti goma ya amayar da ita. Zuwa azahar maganin ya koma kusan rabin mafi ƙarancin da jikinsa ya saba da shi.

Barcin ma bai samu ba. Giya tana saurin sa barci, amma tana farfasa rabinsa na biyu, mutum ya riƙa farkawa yana juyi. Ya samu awa huɗu marasa daɗi. Ga yunwa: hanta ita ce ke samar wa jini sukari idan ciki ba abinci, amma idan tana fama da barasa sai ta rage wannan aikin, sukarin jini ya sauka, kuma ƙarancin sukari shi kansa yana tayar da jijjiga. Akwai ƙari ɗaya da ya shafi kabamazefin musamman. Yana sa jiki riƙe ruwa har gishirin jini ya ragu. Lita biyu da rabi na giya, da ruwan da aka ɗura da safe don kashe ƙishi, suna ƙara tsinka gishirin.

Wajen ƙarfe 11 ya zauna a kan keken ɗinki, ciwon ya kayar da shi. Abubuwa huɗu ne suka haɗu a awa ɗaya: saukar giya, ƙarancin magani, rashin barci da yunwa. Da wuya a ce ga wanda ya yi aikin shi kaɗai, amma cikin huɗun, wanda ya fi sauƙin kaucewa shi ne ƙwayar da aka bari a aljihu.

Abin bai ƙare a nan ba. Ranar Litinin yayansa ya raka shi asibiti. Likita ya tambaya, “Malam, kana shan maganinka kuwa?” Yayan na zaune a gefe, sai ya ce yana sha. Zancen giya bai ma taso ba. Likitan da ke gaban mutumin da ya faɗi alhali yana shan magani daidai, abin da ilminsa ya nuna masa shi ne maganin ya gaza. Sai ya ƙara zuwa miligiram 600 sau biyu. Bayan mako guda telan na fama da jiri, yana ganin allura ta zama biyu, yana tangaɗi, saboda an ba shi fiye da abin da yake bukata don magance matsalar da ba ita ce ta kayar da shi ba. Gwajin auna yawan magani a jini da zai iya tona asirin ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma zuwa Litinin ma'aunin ya riga ya dawo daidai. A ganina, duk likita ko ma'aikacin jinya da ke duba mai farfaɗiya ya kamata ya nemi ɗan rakiya ya ba su wuri na minti biyu, sannan ya tambayi abin da aka sha, da yawansa, da lokacin kurɓar ƙarshe, ba tare da wa'azi ba. Wa'azi yana da wurinsa da masu yin sa.

Kowane magani da irin rigimarsa

Maganar nan ta “giya tana kashe magani” rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya ɓata shi ne ke sa mutane tsallake ƙwayarsu. Sha na dare ɗaya ba ya goge maganin daga jini. Abin da yake yi shi ne ninka illolinsa, wato jiri, barci da rashin daidaito, ta yadda kwalba ɗaya za ta yi wa mai shan maganin abin da biyu ko uku ke yi wa wani. Sha na kullum ne ke canza yadda hanta ke sarrafa wasu magungunan.

Fenobabiton ya fi kowanne bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne mafi araha kuma shi ake samu a ƙananan asibitoci da kemis na ƙauye, a Najeriya da Nijar baki ɗaya. Tun 1912 ake amfani da shi. Hatsarinsa kishiyar na kabamazefin ne. Yana daɗewa a jiki ƙwarai, sai an yi kwana uku zuwa biyar kafin rabinsa ya fita, don haka tsallake ƙwaya ɗaya ba ya zubar da ma'auninsa da sauri. Amma a kan GABA yake aiki, daidai inda giya ke aiki, kuma idan suka haɗu suna danne sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da numfashi. Adadin barasar da zai sa wani barci kawai yana iya sa mai shan fenobabiton barcin da numfashi ke raguwa a cikinsa, ko ya yi amai ya shaƙe bai farka ba. Kuma tunda maganin na nan a jini kwana da kwanaki, barin ƙwayar daren ba ya kare shi daga wannan. Wanda ya bar ta na kwanaki don ya samu damar sha kuwa, ya jawo wa kansa wata faɗuwar, domin yanke fenobabiton farat ɗaya yana tayar da jijjiga mai tsanani. Diyazafam, wanda ake kira Valium, yana da wannan hatsarin na numfashi shi ma. Ga mai shan ɗayan waɗannan biyun, babu wani adadin giya da zan kira mai sauƙi.

Fenitoyin, ko Epanutin, yana da hali biyu. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, ana son ya tsaya tsakanin miligiram 10 zuwa 20 a kowace litar jini. Sha mai yawa na lokaci ɗaya yana iya rage saurin da hanta ke fitar da shi, ya taru. Sha na kullum kuma yana sa hanta ta ƙara sauri, maganin ya riƙa ƙarewa da wuri, faɗuwa ta dawo alhali ba a tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Idan aka ƙara masa adadi saboda haka, daga baya ya daina sha, hantar za ta koma saurinta na da, adadin da aka ƙara ya zama guba. Alamun gubar fenitoyin su ne tangaɗi, nauyin harshe da rawar ƙwayar ido, wato kamannin maye sak. Mutumin da ya tuba da gaske sai a riƙa zarginsa da komawa ruwa.

Balfurowet, wato Epilim, yana iya taɓa hanta da gaɓar nan mai samar da insulin, kuma giya ma waɗannan biyun take ci, don haka ciwon ciki mai tsanani da amai ko rawayar ido ga mai shan sa abin gaggawa ne. Lebetirasetam, ko Keppra, ta ƙoda yake fita, bai cika taɓa hanta ba, amma rabinsa na barin jini cikin awa 6 zuwa 8, ƙwaya ɗaya da aka tsallake tana bayyana da wuri, kuma yana sa wasu saurin fushi wanda giya ke rurutawa. Sai tiramol, wanda ba maganin farfaɗiya ba ne amma yana yawo a aljihun matasa da yawa. Shi kaɗai yana sa mai lafiya jijjiga idan ya sha da yawa. Mai farfaɗiya ba shi da abin yi da shi, da giya ko babu.

Idan an riga an sha

Ƙa'idar da likitocin farfaɗiya suka fi bayarwa ita ce kada a tsallake magani saboda an sha ko za a sha. Ga maganin da ake sha sau biyu a rana, ƙungiyar Epilepsy Society ta Birtaniya tana ba da shawarar a sha ƙwayar da aka manta idan an tuna cikin awa 6, in ya wuce haka a jira ta gaba, kuma kada a haɗa biyu. Idan an yi amai cikin awa ɗaya da haɗiyar ƙwaya, a sake shan wata. Wannan jagora ne na gaba ɗaya, abin da likitan mutum ya tsara masa shi ne gaba, musamman ga mai fenobabiton. Wanda maye ya kwantar har ba ya amsa kira sosai ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Washegarin sha kuma, har kwana biyu, ba ranar hawa babur, zuwa rafi, aiki kusa da wuta ko kulle ƙofar banɗaki ba ce.

Idan faɗuwar ta zo, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe da zarar jijjigar ta lafa, saboda mai giya a ciki yana saurin amai. Ba a cusa cokali, ba a ɗura ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa sarai. A duba agogo. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ta asibiti ce nan take, kuma a gaya wa masu karɓarsa abin da ya sha, domin allurar da za su yi masa tana danne numfashi.

Wani kuskuren da ke kashe mutane shi ne a ce “maye ne, ku bar shi ya yi barci.” Ruɗewar da ke biyo bayan faɗuwa tana raguwa a hankali, yawanci cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ana ganin sauƙi. Wanda ke ƙara nutsewa maimakon farfaɗowa, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko jijjigar ta kama hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya saɓanin yadda ya saba, ko yana kukan ciwon kai mai ƙaruwa bayan ya bugu da ƙasa, ana zargin jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa ko sukarinsa ya faɗi. Mashaya suna cikin waɗanda suka fi samun irin wannan taruwar jinin, kuma takan ɗauki kwanaki kafin ta nuna kanta.

Mai son dainawa

Wanda ke sha jefi-jefi zai iya dainawa yau, babu abin da zai same shi sai alheri. Wanda ke sha kullum, har hannunsa na rawa da safe sai ya kurɓa kafin ya daidaita, lamarinsa daban ne. Idan ya yanke farat ɗaya, awa 6 zuwa 48 na farko lokacin jijjiga ne, tare da gumi, bugun zuciya da rashin barci. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane, wadda ke kisa idan ba a kula ba. A binciken Victor da Brausch, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi jijjigar sun kai wannan matakin. Iyali na iya ɗaukar gane-ganen a matsayin aikin iska, a tafi neman ruƙiyya, alhali awoyin da ake bukatar allura ne ke wucewa.

A wurinmu akwai lokacin da irin wannan yankewar ta fi aukuwa, wato jajibirin azumi. Mutum ya yi niyya mai kyau, ya ajiye kwalba daren da aka ga wata. Kwana biyun farko na Ramadan sai su haɗa masa saukar giya, da canjin lokacin shan magani zuwa sahur da buɗa-baki, da raguwar barci, da yunwar yini. Mai wannan niyya ya fara ta tun a Sha'aban, a gaban likita.

Kada kuma ya dogara da cewa maganin farfaɗiyarsa zai tsare shi. Gwaje-gwaje da dama sun nuna fenitoyin ba ya hana jijjigar da saukar giya ke kawowa. Abin da ke aiki shi ne dangin diyazafam, waɗanda ke riƙe wurin giyar na ɗan lokaci. A wani gwaji da aka buga a 1999 a Boston, an yi wa mashayan da suka yi jijjiga allurar lorazafam miligiram 2 ko ta ruwan gishiri. Cikin awa 6, kashi 3 cikin 100 na masu lorazafam ne suka sake faɗuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 24. A asibiti ana ba da irin wannan maganin ne da adadi mai raguwa kullum na kusan mako guda, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, ana auna sukari da gishirin jini, maganin farfaɗiyar kuma yana ci gaba yadda yake. Ba abin da za a saya a kemis a yi a ɗaki ba ne, tunda wanda ya haɗa shi da kwalba ya koma kan hatsarin numfashi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, da asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, suna yin wannan aikin. Bayan ƴan makonni da dainawa, mai shan fenitoyin ya koma a sake duba adadinsa, domin hantar da ta huta ba ta bukatar abin da ake ba ta a da.